Albashin Takarda da Albashin Aljihu

Takardun ɗaukar aiki biyu ne a gabanta: Abuja naira 500,000 a wata, Kano 380,000. Ta kusa amsa kiran Abuja, sai ta lura cewa kuɗin gida da na mota suna cikin jimillar, kuma haraji zai hau kansu.

Ta cire haraji da kashi 8 na fansho: Abuja ta koma kusan 400,000, Kano 305,000. Hayar Kubwa za ta ci 150,000 duk wata, zirga-zirga 60,000, saura 190,000. A Kano haya 60,000, Adaidaita Sahu 25,000, saura 220,000.

Ashe ƙaramin albashin ne babba, tun ba a lissafa sa'o'in cunkoson hanya ba. Kano ta zaɓa.