Daraktan da ya karkatar da kwangila: yadda muka warware tambayar jarrabawa

A zaman bita da muke yi da ɗalibanmu a ofishin ƙungiya, mun sha mamakin wata tambaya ta dokar kamfanoni. Yaranmu sun haddace dokar, amma da aka ba su labari sai suka riƙa yi wa darakta wa'azin cin amana, maki kuwa yana zubewa. Mu ma da farko haka muka amsa. Tunda kuɗin sake zama jarrabawa daga aljihun iyaye yake fita, muka zauna muka bi ta daki-daki.

Ga labarin. Wani kamfani yana sayar da shinkafa. Wata makarantar kwana ta tuntuɓi ɗaya daga cikin daraktocinsa kan kwangilar naira miliyan 40. Ya san kamfanin ba shi da kuɗin yin aikin, sai ya yi shiru, ya ajiye muƙaminsa, ya buɗe nasa kamfanin, ya karɓi aikin, ya ci ribar miliyan 6. Aka ce a ba tsohon kamfaninsa shawara.

Abu na farko, mu faɗi matsalar a jimla ɗaya: shin daraktan ya saɓa amanar da ke wuyansa, kuma zai mayar da ribar? Daga nan sai doka. Sashe na 305 na dokar CAMA ta 2020 ya ɗauki darakta a matsayin amintaccen kamfani, sashe na 306 kuma ya hana buƙatarsa ta kansa cin karo da aikinsa, ya hana shi ribar ɓoye. Wanda ya rubuta sashe na 279 da 280, da tsohuwar dokar 1990 yake aiki.

Abu na biyu, a nan makin yake: ta wace hanya damar ta iso gare shi? Makarantar ta neme shi yana kan kujera, kuma shinkafa ita ce sana'ar kamfanin. A shari'ar Regal (Hastings) da Gulliver ta 1942, daraktoci sun sayi hannun jari da kuɗinsu domin kamfanin bai iya saye ba, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Duk da haka kotu ta ce su mayar da ribar, saboda muƙaminsu ne ya kai su gare ta. Ke nan ba sai mun tabbatar da mugun nufi ba, ba kuma sai kamfani ya yi asara ba.

Abu na uku, mu ɗauki hanzarinsa ɗaya bayan ɗaya. Zai ce kamfani ba shi da kuɗi. Sashe na 306 ya ce gazawar kamfani ko rashin sonsa ba kariya ba ne. Hikimar a fili take: in an karɓi wannan uzuri, darakta ba zai ƙara wahalar nemo wa kamfani bashi ba. Zai kuma ce ya riga ya bar aiki. A shari'ar Industrial Development Consultants da Cooley ta 1972, manajan darakta ya yi ƙaryar rashin lafiya aka sallame shi, ya karɓi aikin hukumar iskar gas da kansa. Hukumar ma ba ta son ba kamfanin aikin, amma an tilasta masa mayar da riba, domin yana kan kujera labarin ya zo masa.

Amsa mai kyau takan duba ɗaya ɓangaren. A shari'ar Peso Silver Mines da Cropper ta Kanada, 1966, majalisar daraktoci ta duba tayin ta ƙi shi da gaskiya, don haka darakta ya tsira. A namu labarin ba wanda aka gaya wa. Mafitar da sashe na 306 ya ba shi ita ce bayyana buƙatarsa ga babban taron masu hannun jari kafin cinikin. Bayan riba ta shiga aljihu, bayyanawa ba ta wanke shi.

Abu na ƙarshe, me kamfani zai samu? A nan da yawanmu muka rubuta miliyan 40. Kuskure ne. Ribar ake mayarwa, wato miliyan 6, kuma kotu na iya hana shi ci gaba da amfani da bayanan kamfanin. Kamfani ne mai shigar da ƙara, bisa ƙa'idar Foss da Harbottle. In masu laifin ne ke riƙe da ragamarsa, mai hannun jari zai nemi izinin kotu ya yi ƙara a madadinsa.

Da muka sake ba yaran labarin, mun canza abu ɗaya: daraktan ya sanar da babban taro tun farko, aka amince masa. Waɗanda suka fahimta nan take suka juya amsarsu. Ku gwada wa naku yaran haka a gida. Allah ya ba su sa'a, amin.