Saƙon godiya bayan ganawar neman sitaj: mi za a ƙara a cikinsa?

Lokacin neman sitaj ya sake zagayowa, ƙannenmu ƴan shekara ta uku na jami'o'in Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna ta yawo da takardu daga wannan biro zuwa wancan. Wanda bai samu wuri ba, babu rahoton da zai rubuta, kuma in babu rahoto takardar lisans ɗinsa sai ta jira. Mu da muka bi ta wannan hanya, har wasunmu yanzu su ne ke zaune a kujerar masu tambaya, akwai wani ɗan abu da muke ganin ana barinsa a baya: gajeren imel ɗin da ake aikawa bayan an fito daga ganawa.

Godiya dai ba baƙuwarmu ba ce, mu da ke cewa yaba kyauta tukwici. Matsalar ita ce yadda muka saba yin ta. In babba ya yi maka alheri, ka kan taka har gida, ko ka tura wani dattijo ya yi godiya a madadinka. To a nan ba a ba ka komi ba tukuna, ana kan auna ka ne da wasu. In kawunka ya kira shugaban biro don "ya yi godiya", kowa ya san kamun ƙafa ne, kuma mun sha ganin fuskar mai tambaya ta canza saboda haka. Imel ya fi dacewa don yana zama rubuce, ana karanta shi cikin minti ɗaya, kuma wanda ya samu yana iya tura shi ga abokin aikinsa ba tare da jin kunya ba.

Abu uku ke cikinsa: godiya kan lokacin da aka ba ka, tabbatar da cewa har yanzu kana son wurin, sai ƙarin magana guda ɗaya. Biyun farko ba wuya. Na ukun ne aikin, don haka bari mu ɗauki misalin wata ƙanwarmu mai karatun aikin gona a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi.

Ta nemi sitaj na wata uku a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki da manoma kan ajiyar wake. Mutum biyu suka gana da ita, shugabar shirin da jami'in da ke fita ƙauye, wajen minti 20. Sun tambaye ta buhun PICS, wanda manoma ke ce ma mai ninki uku, ta kuma amsa daidai: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, kowane ana ɗaure bakinsa daban, iska ba ta shiga, ƙwarin wake su cinye wadda ke ciki sannan su mutu ba tare da an zuba magani ba. Can kusa da ƙarshe jami'in ya yi wani ƙorafi, ba ma da ita yake ba, kusan da kansa yake magana. Ya ce suna bin gidaje su rubuta buhu nawa aka ɗaure da kyau, nawa ɓera ya huda, amma takardun suna kai makonni kafin a shigar da su kwamfuta, wasu ma sun yage ko rubutun bai karantuwa. Aka wuce zuwa wata tambaya.

Da ta dawo gida ta lissafa abu uku da ba ta samu faɗa ba. Ta samu maki mai kyau a darasin ƙwarin amfanin gona. Mahaifinta manomin wake ne wajen Tasawa, ta tashi tana ganin yadda ake ajiya. Sannan a shekara ta biyu ta yi wani aikin makaranta da KoboCollect, inda ta cike tambayoyi a waya cikin ƙauyen da babu rezo, ta aika da su da yamma bayan ta dawo gari.

Wanne za ta saka? Makin yana cikin takardun da ta riga ta ajiye masu, maimaita shi ɓata layi ne. Maganar mahaifinta tana da daɗin ji, mu ma ita zuciyarmu ta fara kamawa, amma rabin masu neman wurin ƴaƴan manoma ne, ba ta raba ta da kowa ba. Na ukun ne kaɗai ya taɓa abin da suka faɗa da bakinsu cewa yana damunsu. Ma'aunin ke nan da muke ba kowa: ƙarin maganar ta fito daga abin da ka ji a ɗakin, ta zamo ba ta cikin CV ɗinka ko tana ciki amma ba a lura da ita ba, kuma in an kira ka gobe an ce nuna, za ka iya nunawa. In ta faɗi ɗaya daga cikin ukun, a bar ta.

Da Faransanci ta rubuta, tunda da shi aka yi ganawar, amma ga ma'anarsa:

"Madam, ina godiya gare ku da abokin aikinku kan lokacin da kuka ba ni jiya Talata game da sitaj na shirin ajiyar wake. Bayanin da kuka yi kan ziyarar gidaje ya ƙara mani son wannan aiki, kuma ina nan a shirye daga ranar da kuka ambata. Akwai abu ɗaya da nake son ƙarawa: an yi maganar jinkirin shigar da takardun bincike a kwamfuta. A shekara ta biyu na yi amfani da KoboCollect a ƙauyen da babu rezo, ana cike tambayoyin a waya, a aika in an dawo gari. In kuna ganin zai yi amfani, zan iya maida takardarku ta yanzu wannan tsari a gwada. Ku huta lafiya."

Sai cikakken sunanta da lambar wayarta a ƙasa. Shi ke nan, bai cika fuskar waya biyu ba.

Ku duba inda ta ce "in kuna ganin zai yi amfani". Ba ado ba ne. Ɗaliba ce ke magana da mutanen da suka shekara suna aikin, mai yiwuwa sun san manhajar sarai, akwai dalilin da ya hana su, ko rashin wayoyi, ko wahalar caji a ƙauye. Da ta rubuta cewa tsarinsu ya tsufa ga yadda ya kamata su yi, da maganar nan guda ta koma rashin kunya. Kuma ba ta ce ta ƙware ba, ta faɗi abin da ta yi da lokacin da ta yi shi. Mun taɓa ganin wanda ya rubuta cewa ya iya wata manhajar lissafi, aka ɗauke shi saboda haka, ranar farko aka buɗe masa kwamfuta ya tsaya yana kallo. Wata ukun nan ya yi su ne yana ɗaukar fayil.

Wasu na tambaya mi ya sa ɗaya kawai, alhali akwai abubuwa biyar masu kyau. Wanda zai karanta yana tsakanin taro biyu ne, a waya, da babban yatsa. In ka ba shi biyar ba zai riƙe ko ɗaya ba, kuma zai ga kamar kana son a sake ganawar ne a rubuce. In ɗaya ce, gobe da suka zauna yanke shawara sai wani ya ce, ai yarinyar nan ta Kobo. An samu abin kiranki da shi ke nan.

Maganar lokaci gajeruwa ce. A aika cikin awa 24, ko da yammacin ranar ko da safiyar gobe, don sau da yawa shawara ba ta wuce kwana biyu ko uku. In ranar Juma'a aka yi ganawar, ku tuna biro da yawa suna tashi da rana, gara ya shiga kafin nan ko Litinin da sassafe. Amma kada a rubuta shi a bakin ƙofa jiki na rawa. A zauna, a karanta sau biyu, musamman sunan mutum, don kuskure a sunan shugabar ya fi kuskuren nahawu goma muni.

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe saƙon da suka gayyace ka da shi a danna Répondre, sai amsarka ta zauna ƙarƙashin zancen da suka riga suka sani. In an saka mutum na biyu a Cc, to Répondre à tous. In sabon saƙo ne, kada a bar Objet fanko, a sa godiya, sunan sitaj ɗin da ranar ganawa. A riƙe vous har ƙarshe ko da mai tambayar tsaranka ne, kun yi raha. Sannan a dubi adireshin da ake aikawa da shi, laƙabin da ka sa ma kanka kana koleji ba na biro ba ne.

Ɗabi'armu ta gaisuwa ma sai an ɗan ja mata linzami. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, duk ladabi ne a baki, amma a imel suna ture maganar zuwa ƙasa inda ba za a kai ba. Layi ɗaya ya isa. Haka kuma roƙo: ni maraya ne, don Allah a taimaka. Ko gaskiya ne, yana sa mai karatu cikin nauyi, ya rasa yadda zai amsa, sai ya yi shiru. Tambayar kuɗin sufuri ko ɗan alawus ita ma tana da ranarta, ranar da aka ce an ɗauke ka.

To in babu imel ɗin fa? Mun san nan gida rabin harka a WhatsApp take. In ta nan suka kira ka, ta nan za ka amsa, da rubutu irin wancan, cikin lokacin aiki, ba saƙon murya ba. In kuwa lambar shugaban wani ne ya samo maka a ɓoye, kada ka taɓa ta, aika ga adireshin biro ko ka ajiye rubutacciyar takarda wajen sakatare.

Mu faɗi gaskiya kuma, saƙon nan yana da iyaka. Akwai wuraren da kwamiti ke ba da maki a takarda tun kana fita, su sa hannu, magana ta ƙare. In an ce kada a tuntuɓi kowa har sai sakamako ya fito, a bi. Inda yake tasiri shi ne in mutum biyu ko uku sun yi kunnen doki ga wuri ɗaya, ko in wanda aka zaɓa ya fasa aka koma neman na biyu, abin da ke faruwa sosai a harkar sitaj.

Bayan aikawa, yawanci ba amsa, kuma shirun ba ya nufin an ƙi ka. In sun ce mako biyu, a ba su mako biyun, a ƙara kwana biyu ko uku, sannan a rubuta layi biyu ƙarƙashin saƙon farko ana tambayar ko an yanke shawara. Sau ɗaya. Kafin nan a ci gaba da kai takardu wasu wuraren, don jami'a ba za ta ɗage ranar karɓar rahoto saboda wani biro bai amsa ba.