Wasiƙar da ta biyo motar albasa

Dattawan Sabon Ibadan, unguwar da aka ware wa Hausawa a 1916, sun tashi sun tarar da wasiƙa tana tafiya tare da goro da shanu. Mu da muka zauna Ojoo, bakin hanyar da ta nufi Oyo da Ilori, mun riski ƙarshen al'adar. Wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, amma shekara goma bayan haka akwai maganar da magidanci ba ya yarda ya yi ta waya. Sai ya rubuta, ya naɗe, ya damƙa wa direba.

Yayana yana cikin irin waɗannan. Lokacin kakar albasa yakan tare a Aliero yana loda motocin kasuwar Shasha, ya bar mini kula da gida. Babban ɗansa yana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, an saya masa Nokia mai kati, shi kuma ya cika ta da wasanni daga Waptrick. Real Football ta ɗauke masa hankali. Uwarsa ta lura Asuba ta fara wuce shi, ga jan ido kullum da safe. Ɗan fari ne, uban ko sunansa ba ya kamawa, balle ya zaunar da shi su yi doguwar magana. Takarda ce ta ɗauke masa wannan nauyin.

Bayan sallama da tambayar karatu, sai ya ce: "Yaro, ban saya maka waya don in ƙwace ba. Ni ma na yi dara har an biyo ni da bulala. Amma barcinka da sallarka ba na sayarwa ba ne." Daga nan ya yanka lokaci, kuma bai ɗora shi a kan agogo kaɗai ba, ya ɗaure shi da kiran salla, wanda kowa a gidan yake ji. Litinin zuwa Laraba, daga idar da Isha'i zuwa ƙarfe tara, wato kusan awa guda, in an gama aikin gida na boko. Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo, ya ƙara masa tsakanin La'asar da Magariba. Asabar da Lahadi awa biyu da hantsi. Tara na yi, waya ta koma ɗakin uwarsa ta kwana can.

Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne na ƙarshen lokaci. Ya rubuta cewa in tara ta yi ana tsakiyar wasa, a ƙarasa shi, amma kada a fara sabo. Mutumin da bai taɓa danna wasan waya ba ya gane cewa yawancin rigimar daga nan take tashi: a fizge wa yaro waya yana gab da cin ƙwallo, sai ya ji an wulaƙanta shi, gobe kuma ya nemi hanyar ɓoyewa. Minti biyar ɗin da aka ƙyale shi ya fi arha a kan gabar kwana uku. Hukuncin ma da awo ya zo. Daren da aka saɓa, a rasa wasan washegari kawai, ba a haɗa da tsohon laifi. Mako biyu kafin jarabawa a rufe wasa gaba ɗaya, a biya shi awoyinsa in an yi hutu. A ƙasan takardar ya ce in yaron yana ganin an tauye shi, ya rubuto amsa, ko ya faɗa wa baffansa.

Ya kuwa rubuto. Ya ce ranakun da aka ɗauke wuta batiri kan mutu kafin lokacinsa ya zo, mai caji kuma sai an biya. Uban ya amince a ba shi kuɗin caji sau biyu a mako.

Tsarin ya so ya lalace ta wajen abokai. Wata rana yaron ya miƙa wayarsa da wuri, amma da safe sai ga jan idon ya dawo. Ashe ta abokinsa ya aro ya kwana da ita ƙarƙashin bargo. Ba wayar ake dubawa ba don a gane, fitowarsa Asuba ake dubawa. Na je na sami mahaifin abokin a tashar manyan motoci, muka yi magana, shi ma ya ɗauki ƙarfe tara a gidansa. Kafin Yaya ya dawo daga Aliero, gida huɗu a layinmu sun bi, har matan sukan aika ƙananan yara su leƙa su ga ko an karɓi ta maƙwabta.