Talla biyu, kuɗin gwaji ɗaya: wane gyara za a fara gwadawa?

1/ Masu ƙananan sana'a da ke biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram, ku matso. In kana da bidiyo biyu na kaya ɗaya, tambayar "wanne ya fi?" ba ta kai ka ko'ina. Abin da za ka nema shi ne bambancin da ke tsakaninsu wanda har yanzu ba ka san amsarsa ba. Ga yadda na bi na yayata.

2/ Yayata tana yin dambun nama a gida, nan Unguwar Shanu, mai Keke ko ɗan aike ya kai wa mutum. Ni ke riƙe mata shafi. Muna da bidiyo biyu, kowanne an kashe masa ₦10,000 a mako guda, an saita su ga mutanen cikin garin Kaduna, maɓallin yana kai mutum WhatsApp ɗinta.

3/ Na farko ya buɗe da tambarin sana'arta da sallama, sai can wajen daƙiƙa ta biyar dambun ya bayyana. Babu farashi. Na biyu ya buɗe da hannu yana zuba dambu a roba, farashi rubuce a sama tun daga farko, a ƙarshe kuma an lissafa unguwannin da ake kaiwa: Abakpa, Unguwar Sarki, Badarawa, Kawo, Malali.

Wato bambanci uku ne: buɗewa, farashi, sunayen unguwanni.

4/ Ga abin da Ads Manager ya nuna, na haɗa da littafin cinikinta. Kowanne ya bayyana a wayoyin mutane kusan sau 9,000. Na farko ya kawo saƙo 40, mutum 6 suka saya. Na biyu ya kawo saƙo 28, mutum 9 suka saya.

5/ Nan gida ya rabu biyu. Ɗanta ya ce na farko ne gwani tunda waya ta fi ƙara. Ita kuma ta ce, "Auta, ƙarar waya ake ci? Tara ta fi shida, a bar na biyu kawai."

Na ce, "Yaya, ki ba ni zuwa gobe."

6/ Matsalar 9 da 6 ita ce ƙanƙanta. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi ta masu lissafi: abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kamar masu saye, yakan yi sama ko ƙasa da kansa da kimanin lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka adadin. Uku sau uku tara, don haka 9 na wannan makon zai iya zama 6 ko 12 a mako mai zuwa ba tare da an taɓa komai ba. Biki ɗaya a Unguwar Sarki ya isa ya juya lissafin.

7/ Ko 40 da 28 ɗin ma, kowanne na iya motsawa da biyar ko shida. Akwai alama, amma ba wadda zan ɗora kuɗin naman wani a kanta ba.

8/ Inda lamba take da nauyi shi ne layin da aka rubuta 3-second video plays, wato sau nawa bidiyon ya yi daƙiƙa uku yana tafiya kafin a wuce shi. Na farko 1,800. Na biyu 3,200. Ɗaya cikin biyar ke nan, da kuma sama da ɗaya cikin uku. Gaskiya ne bidiyo yana kunna kansa, wani ma ba kallo yake ba, ya tsaya amsa kira ne. Amma wannan ya shafi duka biyun, kuma tazarar 1,400 ta wuce sa'a nesa ba kusa ba.

9/ To kun ga buɗewa ta fita daga layin gwaji. A daƙiƙa ukun farko ba a kai ga sunayen unguwanni ba, kuma ban ga yadda rubutun farashi shi kaɗai zai tsayar da yatsa haka ba. Dambun ne. Tambari ya koma ƙarshen bidiyo, an gama. Biyan kuɗi don a sake tabbatar min cewa mai yunwa ya fi son ganin nama a kan tambari, ai ɓarna ce.

10/ Yanzu ga wurin da ya hana ni barci. Na biyu ya tsayar da mutane kusan ninki biyu, amma saƙonsa ya fi kaɗan. A na farko, cikin kowane kallo 45 an samu saƙo ɗaya. A na biyu sai an yi kallo sama da 110. Ina mutanen suka maƙale?

11/ Bayani biyu ne, kuma kowanne yana da ƙafar tsayawa. Ko dai farashin ne yake tace mutane tun kafin su taɓa maɓalli. Ko kuma hoton dambun ya jawo 'yan kallon abinci, irin mu da ke haɗiyar yawu ƙarfe ɗayan dare ba da niyyar saye ba. Lambobin da ke hannuna ba za su raba gardamar ba, domin buɗewa da farashi tare suka canza.

12/ Na karɓi wayarta na karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Cikin 40 na bidiyon farko, 25 "nawa ne?" ce kawai, a faɗa musu, shiru. Wannan ya karkata ga bayanin tacewa. Sai dai uku daga cikin shidan da suka saya, da "nawa ne?" suka fara su ma, har ɗaya ta ce ya yi tsada, Yaya ta yi mata bayanin naman sa ne zalla da yadda yake daɗewa bai lalace ba, ta sayi roba biyu. Da ta ga farashin a bidiyo, anya za ta yi magana?

13/ Shi ya sa farashi ne gyaran farko. Ba mu san amsarsa ba, kowace amsa za ta canza yadda ake tallar daga yanzu, kuma cire rubutu ɗaya aikin minti biyar ne. Sunayen unguwanni su jira. Suna can ƙarshen bidiyo inda 'yan kaɗan ke kaiwa, kuma mutum uku kacal suka tambaya ko ana kaiwa Barnawa.

14/ Tsarin: bidiyo na biyu sak, kwafi biyu, ɗaya da farashi ɗaya babu. Rubutun ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya. A saka su ta A/B test na Ads Manager, domin shi yake raba jama'a gida biyu yadda wanda ya ga wannan ba zai ga wancan ba. In ka jefa su cikin ad set ɗaya kawai, manhajar za ta zaɓi ɗan lelenta da wuri ta zuba masa yawancin kuɗin.

15/ Kwana bakwai cur, don Juma'a da ƙarshen mako su shiga duka biyun. Kuma ba a taɓa komai a tsakiya, ko da rana ta biyu ta yi muni.

16/ Me za a ƙirga? Yawan saƙo ba zai yi ba, mun riga mun san marar farashi zai tara "nawa ne?". Masu saye kuma, in kowane ɗaya yana cin sama da ₦1,000 na talla, samun 30 a kowane ɓangare ya haura ₦60,000, ban da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da Meta ke ɗorawa a Najeriya tun Janairun 2022. Yaya ba ta da wannan. Sai muka tsaya a tsakiya: duk wanda ya san farashi kuma ya ci gaba da magana, ya tambayi girman roba, ko kuɗin kaiwa, ko lambar asusu.

17/ Don a gane daga inda mutum ya fito, saƙon da ke rubuta kansa in an taɓa maɓalli ya bambanta: ɗaya "Salam, ina son dambu", ɗaya "Salam, akwai dambu?". Tana ganin sa sai ta liƙa masa alama a WhatsApp Business.

18/ Mun kuma yanke tun kafin a kunna: in tazarar ba ta wuce irin motsin nan na sa'a ba, farashi ya zauna a bidiyo, domin amsa "nawa ne?" sau 25 tana tsaye a kan tukunya shi ma aiki ne. Gwajin zai fara Litinin, bayan guguwar albashin ƙarshen wata ta lafa.