Yadda muka yi bangon waƙar ƙanena, da abin da malafa ta koya min

1/ Hutun nan da na je gida, ɗan baffana ya gama waƙarsa ta farko. Mu 'yan yankin Jama'a ne a Gwarzo, shi kuma a Kabo yake koyon ɗinki. Waƙa ta fito, saura hoton bango. Mai zanen da ya tambaya a Kano ya faɗi kuɗin da ya fi abin da ya rage masa bayan situdiyo. Sai ya ce, "Yaya, ba kai ne ɗan jami'a ba?" Shi ke nan, aiki ya faɗo kaina.

2/ Waƙar a kan mahaifinsa ce, Allah Ya jiƙansa. Manomi ne. Duk wanda ya san Baffa ya san shi da abu biyu, malafa da keke. Yaron yana so a ga Baffa a bango, amma hoton da muke da shi guda ɗaya ne tal, na katin zaɓe, shi ma ya koɗe. Na ce bari mu gwada manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake rubuta wa umarni ta zana hoto.

3/ Ga umarnina na farko. Ku yi dariya, na yafe:

```
album cover, African old man farmer with hat, bold colors, film grain, striking, 4k
```

Hotuna huɗu suka fito. Ɗaya da jan mayafi da duwatsun wuya irin na Masai. Ɗaya da hular kaboyi. Biyu kuma ga rana na faɗuwa, ga raƙumin dawa a baya. Raƙumin dawa fa, a Gwarzo.

4/ Na ɗan ji haushi, amma da na sake karanta abin da na rubuta sai na ga ni na jawo. Na ce mutumin Afirka, ban ce wanne ba. Manhajar ba ta taɓa zuwa kasuwar Getso ba. Daga tarin hotunan intanet da bayanan da ke ƙarƙashinsu ta koyi aiki, kuma duk gurbin da ka bari za ta cike shi da abin da ya fi yawa a tarin nan. Hotunan 'yan yawon buɗe ido sun fi na dattawan ƙauyenmu yawa nesa ba kusa ba.

5/ Sai na rubuta malafa da babbar riga da sunayensu na Hausa. Malafar ko kallo ba ta samu ba. Na fassara ta da `straw hat`, aka ba ni mai tsini irin ta manoman shinkafa na Asiya. Abin da ya yi aiki shi ne na daina kiran sunan abu, na koma siffanta shi kamar ina yi wa wanda bai taɓa gani ba bayani: saƙar kaba ce, bakinta faɗi ne, kanta a zagaye, akwai datsin fata a gefe da igiyar haɓa. Nan ta fara kama hanya.

6/ Maganar launi. `bold colors` ba launi ba ne, fata ne kawai. In ka rubuta haka za a zubo maka ja da kore da rawaya da shunayya gaba ɗaya, kamar shagon atamfa a Kwari. Kowane launi na ihu, babu wanda ake ji. Bangon da ke tsayar da yatsa yawanci launi biyu ne ke riƙe da shi, sai na uku ɗan kaɗan.

7/ Na zaɓi ruwan goro a baya, saboda ya tuna min jar ƙasar hanyar gona, sai shuɗi mai duhu na baba a riga, irin na marinar Ƙofar Mata. Ba son rai kaɗai ba ne. A da'irar launuka ruwan goro da shuɗi kishiyoyi ne, in suka zauna gefe da gefe kowanne na ƙara wa ɗayan ƙarfi. Launi na uku shi ne farin-rawayan kabar malafa, kuma shi ne wuri mafi haske a hoton, don ido ya fara sauka a kansa.

8/ Kuma na ce bayan ya zama fili, launi ɗaya shimfiɗe. Yaron ya so a sa rumbu, a sa shanun huɗa, a sa dawa ta yi kai. Mun yi musu sosai. Na ɗauko wayarsa na buɗe Audiomack na ce ya duba jerin waƙoƙi. Bangon da muke ta wahala a kai, a nan bai fi farcen babban yatsa da yawa ba. Rumbu da shanu a wannan girman dagwalo ne kawai. Ya yi shiru, ya ce, "To keken fa?" Keken ma daga baya muka cire, don manhajar ta kasa wayoyin taya, sai ta saƙa su kamar gidan gizo-gizo.

9/ Gwajin da nake yi wa kowane hoto: in ƙanƙanta shi a waya, in miƙa hannu, in lumshe ido. In na iya gane siffar mutum da malafa a haka, ya wuce. In ya zama curin launi, na jefar. Cikin hotuna kusan 40 da muka fitar, 6 ne suka tsallake.

10/ Yanzu wurin da abin ya daina zama wasa. Cikin shidan akwai wani mai kyau ƙwarai. Dattijo ya kalli kyamara ido cikin ido, furfura, haske ta gefe ɗaya. Ni har na fara alfahari. Muka kai wa Inna, mahaifiyarsa. Ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo, ta miƙo min ta ce, "Wannan wane bawan Allah ne?" Yaron ya ce, "Inna, Baba ne, zane ne." Ta ce, "A'a. Kada ku sa wa Malam fuskar wani."

11/ Ban sami amsa ba. Gaskiyarta ce. Fuskar ba ta kowa ba ce, manhaja ta haɗa ta daga dubban fuskoki, mu kuma muna shirin manna mata sunan mutumin da duk unguwa ta yi wa sallar jana'iza. Waɗanda suka san shi za su ga baƙo. Jikokin da ba su san shi ba za su ɗauka shi ne. Na biyun ya fi damuna.

12/ Na yi tunanin ɗora hoton katin zaɓen in ce a gyara. Na gwada sau ɗaya. Hoton ya yi ƙanƙanta, don haka manhajar ta ƙirƙiro abin da babu: ta canza hanci, ta share tsagar da ke kuncinsa. Wannan ya fi na farko muni, don ya yi kama da shi kaɗan. Na goge.

13/ Innar ce ta warware, ba tare da ta san ta yi ba. Ta ce malafar na nan rataye a ɗaki. Washegari da hantsi ƙanin Baffa ya sa ta, da shuɗiyar rigarsa, na tsayar da shi jikin katanga ya ba ni baya, ya ɗan juya kai gefe. Na ɗauka da waya. Na ɗora wannan hoton a matsayin abin koyi, na haɗa da wannan:

```
square single cover, one elderly Hausa farmer seen from behind, waist up, centered,
wide-brimmed woven palm-leaf hat with leather trim, deep indigo flowing robe,
flat burnt-orange background, hard side light, face not visible, empty space above, no text
```

14/ Ku lura da jerin. Mutum ne a gaba, da inda ya tsaya da iya inda za a yanke shi. Sai kaya, sai baya, sai haske. Na ga abin da na sa a farko ya fi samun kulawa, na ƙarshe kuwa wani lokaci a manta da shi. `one` ɗin nan ma da dalili, don sau biyu ana ƙaro min yaro a gefe. `hard side light` shi ya fito da saƙar kabar ɗaya bayan ɗaya, ya jefa inuwa a kafaɗa.

15/ Wani zai ce ina `film grain` ɗin? Da gangan na cire. Wannan yashi-yashin da ake gani a tsofaffin hotuna daga fim yake: ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa ne da ke kama haske, kuma fim mai saurin kama haske, kamar mai lamba 800, ƙwayoyinsa sun fi na mai lamba 100 girma, shi ya sa ya fi yashi. Amfaninsa a nan shi ne ya kashe santsin roba da hoton manhaja ke zuwa da shi.

16/ Matsalar ita ce girma. Hotona ya fito 1024 x 1024, masu rarraba waƙa kuma 3000 x 3000 suka fi nema. Dole a ƙara shi kusan ninki uku kowane gefe. Abin ƙara girman yana ɗaukar yashi a matsayin datti, sai ko ya goge shi, ko ya mai da shi wasu 'yan tsutsotsi. Karon farko da na zuƙo kan rigar haka na gani, kamar an zuba taliya.

17/ Don haka jerin ya koma: a fitar da hoto sumul, a ƙara girma, a sa rubutu, sannan yashi a ƙarshe. Na yi da Snapseed, `Grainy Film`, na rage `Style Strength` ƙasa sosai don kada ya taɓa min launi, na bar `Grain` wajen 35. Da yake rubutun ma ya sha yashi, sai ya zauna cikin hoton, bai yi kamar an liƙa shi daga baya ba. Alamar ka wuce gona da iri ita ce shuɗin ya fara komawa toka-toka.

18/ Rubutu kuwa kada ku bar wa manhaja. Sunan waƙar na da ƙ, ta mai da ita wani harafi da babu shi a kowane yare. Da hannu na sa, kuma sai da na gwada salon rubutu biyar kafin na sami mai ƙ da ɗ, sauran akwati suke nunawa. Sunan mawaƙi da na waƙa kaɗai. Yaron ya so lambar waya a ƙasa kamar fastar biki, amma masu rarrabawa na mayar da bangon da ke da adireshin intanet ko tallar shafi, na ce kada mu ja wa kanmu.

19/ Kuskure na ƙarshe nawa ne. Na tura masa a hira a matsayin hoto, aka matse shi, yashin ya narke ya zama tabo-tabo, shi kuma ya kusa ɗora wannan. A tura a matsayin `Document`.

20/ A bayanin waƙar mun rubuta cewa da manhaja aka haɗa bangon, daga hoton da muka ɗauka a gida. Abokansa biyu sun ce ya rage masa aji. Shi ya ce a bar shi.

21/ Mun sake kai wa Inna. Ta kalla, ta sa yatsa a gefen malafar inda fatar ta ɗan ɓare, wanda manhajar ta kwafo daga hotona ba tare da na nema ba. Ta ce akuya ce ta ci wurin, shekarar da aka haifi yaron. Sannan ta ce a mayar mata da malafar inda aka ɗauko ta.