"Ajin fa?"

1/ Ina koyarwar gwaji a wata sakandare, Kemistiri nake ɗauka. Daren Talata, wajen ƙarfe 9, yayana ya kira: tafiya ta kama shi, ni zan kai Mama asibiti da safe. Ga shi ina da darasi biyu a jere ranar Laraba, 8:40 zuwa 10:00.

2/ A gurguje na tura wa shugaban sashenmu: "Salam Malam, gobe ba zan samu zuwa ba, uzuri ya taso." Amsarsa kalma biyu ce: "Ajin fa?"

Wallahi sai da na ji kunya. Na ɗauki matsalata na ɗora wa dattijo cikin dare, shi zai nemo mai shiga.

3/ Na fara kiran abokina da muke gwajin tare. Ashe shi ma yana da aji a lokacin. A nan na gane musaya ba da kowa ake yi ba. Sai wanda yake koyar da wannan ajin, kuma ba shi da darasi a lokacinka. In ba haka ba, roƙon alfarma ne kawai, ba ka da abin biya.

4/ Na buɗe hoton jadawali a wayata. Malamar Bayoloji tana da su Alhamis, ita ma darasi biyu, kuma safiyar Larabarta babu komai. Kiranta na yi, ban tura saƙo ba, don in ji "to" daga bakinta. Ta yarda.

5/ Sai na sake rubutawa:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. A yi haƙuri da saƙon ɗazu. Gobe Laraba zan kai mahaifiyata asibiti, ba zan samu shiga aji biyar A ba, 8:40 zuwa 10:00. Na yi magana da Malamar Bayoloji, ta amince ta shiga, ni kuma in karɓi nata na Alhamis, 10:30 zuwa 11:50. Idan ka amince, zan sanar da monita. Na gode."

6/ Ku lura da "idan ka amince". Na gama shirya komai, amma izini nasa ne. Idan shugaban makaranta ya zagayo ya ga wata malama a ajina, shi za a fara tambaya. Ciwon Mama kuwa ban tsaya bayaninsa ba, layi ɗaya ya isa.

7/ Ya ce: "Ba damuwa, Allah ya ba ta lafiya. Ka gaya wa mai duba ku?"

Shaf na manta. Malamin da jami'a ta turo yana da jadawalina, kuma ba kullum yake faɗin ranar zuwansa ba. Da ya zo Laraba bai same ni ba, makina ne a ruwa. Ƙarfe 10 saura na tura masa sabon lokacin.