Hoton Albasa Daga Fadamar Dundaye

A shekarun da na yi ina aikin malamin gona a yankin Dundaye, wasiƙar da na fi yawan rubutawa ba ta wuce layi shida ba. Amsa ce ga mutanen da kan turo hoto tsurarsa ta waya, babu sallama, babu tambaya. Wajen 2014 ne abin ya yi yawa, lokacin da wayoyi masu kyamara suka yi araha, WhatsApp kuma ya shiga hannun samarin ƙauye.

Wanda ya san Dundaye ya san dalili. Garin yana maƙwabtaka da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ga kuma fadamar gulbin Rima a gefe. Da rani kusan kowane gida yana da hannu a lambu: albasa, tumatir, tattasai, shinkafa. Dattijon da ke da gonar sau da yawa ajami ya iya, wayar kuma ta ɗansa ce. Sai ya ce, "Ɗauki wanga ka aika ma malam." Yaro ya ɗauka, ya tura, ya mayar da waya aljihu. A wurin dattijon magana ta ƙare, domin shi da ke tsaye cikin gonar yana ganin matsalar a fili take. Ni kuwa da ke nesa, kore da rawaya kawai nake gani.

Akwai wani hoto da ya zo mini cikin watan Maris. Fangalin albasa ne, ganyen ya yi rawaya, wani sashe ya kwanta. Wannan kama ɗaya tana iya fitowa daga abubuwa huɗu. Akwai ƙananan ƙwari da ke ɓuya a wuyan albasa, tsakanin ganyaye, suna tsotsar ruwan ganye har ya yi zane-zane fari-fari, kuma sun fi ɓarna idan zafi ya shigo. Akwai cutar ganye mai fitar da tabo dogo, ruwan ƙasa-ƙasa mai sirkin shuni, wadda ta fi yaɗuwa idan akwai laima. Akwai yunwar taki, inda tsofaffin ganyen waje ke fara yin rawaya bai-ɗaya. Na huɗu kuwa ba cuta ba ne: albasa ce ta nuna, wuyanta ya yi laushi, ganye ya kwanta da kansa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye, da rana tsaka, ba ya raba waɗannan.

Bayan wannan ma, ban san abin da mai hoton yake so ba. Mai yiwuwa magani yake nema, mai yiwuwa mai saye, mai yiwuwa kuma rance yake son in yi masa hanya, hoton shaida ce cewa yana da abin biya. Ga abin da na rubuta masa:

"Salamu alaikum Baba, barka da aiki. Hoton fangalin albasa ya iso, na ga ganyen ya yi rawaya, wani ya kwanta. Don Allah mi kake buƙata: magani, ko lokacin cira, ko mai saye? Yaushe aka yi dashe? A matsa wuyan albasa guda, a faɗa mini ko da tauri ko da laushi. Ba sai an rubuta ba, a aiko da murya. Kafin nan kada a yi feshi."

Kowane layi da aikinsa. Gaisuwa tana gaba, domin dattijo ba ya jin daɗin a tare shi da "Mene ne wannan?" ko alamar tambaya tsirara, zai ɗauka an raina shi, ya yi shiru, ya tafi wurin mai sayar da magani a kasuwa. Faɗin abin da na gani yana tabbatar masa saƙonsa ya iso, yana kuma ba shi damar gyara ni idan ba wurin nan yake nufi ba. An sha turo mini hoton gona alhali injin ban ruwan da ke can gefen hoton shi ne abin magana.

Tambayar buƙata kuwa na koyi in ba ta zaɓi. Idan ka ce wa mutum "Yi bayani," ka ɗora masa nauyin da ya gudu tun farko. Idan ka jera masa abu uku, ko ya ɗauki ɗaya, ko ya ce ba ko ɗaya ba, ga abin da yake so. Sauran tambayoyin ba na barin su wuce biyu, kuma sai waɗanda amsarsu za ta sauya shawara. Na lura idan aka jera tambaya biyar, ta ƙarshe kaɗai ake amsawa. Batun murya ya warware matsalar rubutu gaba ɗaya. Layin ƙarshe kuma don tsare aljihunsa ne, domin manomin da ke jiran amsa hannunsa ba ya zama, feshi ne abu na farko da zai tuna.

Da yamma murya ta zo. Ya ce, "Malam, farkon Disamba munka yi dashe. Wuyan ya yi laushi. Ni dai so nike in ƙara mata taki ta tashi, don ajiya zan yi, ba saidawa ba." Ka ga ba ɗaya daga cikin ukun da na jera, amma su suka jawo maganar. Albasar ta haura wata uku da dashe, ta nuna, shi kuwa ya ɗauka yunwa ce. Da ya zuba yuriya a wannan lokaci, ya ci gaba da ban ruwa, wuyan zai yi kauri ya ƙi bushewa, kuma irin wannan albasa ita ke fara ruɓewa a wurin ajiya. Na ce ya bar taki, ya tsayar da ruwa kamar kwana goma, ya cire idan fiye da rabin ganyen ya kwanta, ya shanya ta ganyen wata yana rufe kan wata don kada rana ta ƙone ta, sannan in za a yanke ganye a bar wuya kamar faɗin yatsa biyu. Wanda ya amsa hoton kai tsaye da sunan maganin ƙwari, da ya sa shi kashe kuɗi a kan ciwon da babu shi, ainihin hatsarin kuma ya wuce ba a taɓa shi ba.

Wannan wasiƙa tana da iyakarta. Idan hoton na rago ne kwance da kumburarren ciki, ko na kwalbar maganin feshi a buɗe kusa da yaro, ba a tsayawa rubutu, kira ake yi nan take. Idan kuma an yi musayar saƙo sau biyu magana ba ta fito ba, to babur ake hawa a je gonar, domin saiwa da ƙasa ba sa fitowa a hoto, kuma ruɓewar gindi sai an tumɓuke ake gane ta. Akwai kuma masu jin nauyin faɗin buƙatarsu, musamman idan ta kuɗi ce. Irin waɗannan, sanya "rance" ko "mai saye" cikin zaɓin yana sauƙaƙa musu, tunda kai ka fara ambata.

Samarin da ke wannan aiki yanzu hotunan da suke samu sun fi namu yawa da kyau, har ƙwaron ana iya gani. Duk da haka nakan ce musu kyan hoto ganyen kawai ya bayyana. Ranar dashe, ruwan da aka ba gona jiya, da ko mai ita ajiya zai yi ko kasuwa zai kai, duk a bakinsa suke, kuma su ke yanke irin shawarar da za a ba shi. Sai an tambaya, cikin ladabi kuma a taƙaice.